Ya Kushe Masar Bauchi, Ni Kuma Na Ce “To Madalla”

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a nan Bauchi, shekaruna 22. Kwanakin baya mun je bikin 'yar ƙanwar mamana a Gombe, a can na haɗu da wani abokin ango. Mun karɓi lambar juna, muna gaisawa jefi-jefi a WhatsApp. Gaskiya ya kwanta mini a rai, sai dai bai furta komai ba, ni ma ban nuna ba. Ranar Juma'a ya turo mini hotonsa bayan an sauko daga masallaci, cikin farar shadda, ya karkata hula zanna bukar, ya jingina da wata mota. Na daɗe ina kallo, amma abin da na iya rubutawa shi ne “Masha Allah” da alamar babban yatsa. Ranar Litinin kuma ya turo saƙon murya daga cikin mota, wai ya shigo Bauchi wani aiki da safe, yanzu suna hanyar komawa har sun wuce Alkaleri, kuma ya ci masar Bauchi da ake ta zuzutawa bai ji ta fi ta Gombe ba. Yana faɗa yana dariya. Na ce masa “To madalla, Allah ya kiyaye hanya.” Tun daga nan sai gaisuwa kawai. Ƙawata ta ce na cika sanyi, wai in tsokane shi in ce motar ta aro ce. Ni kuma ina tsoron kada ya ga rawar kaina, ko ya ji haushi. Me ya kamata in ce?

Ƙanwarki daga Fadaman Mada

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Wannan bawan Allah ba labarin masa yake ba ki ba. Wanda yake son ba da labarin abinci yana da abokai, yana da 'yan'uwa. Ya zaɓi 'yar Bauchi, ya taɓa abin da ya san duk ɗan Bauchi zai ɗaga murya a kansa, kuma ya bari sai da ya yi nisan da ba za a ce masa ya juyo ba. Tsokanarki yake yi, yana jiran ki rama. Amsar da kika ba shi ba ta da aibi ko kaɗan ta fuskar ladabi, sai dai irinta ce za ki bai wa kawunki idan ya ce miki ya kama hanya. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta bar masa abin da zai kama ya ci gaba da magana ba. Shi ya sa ya koma gaisuwa. Ban ga alamar fushi a nan ba. Mutum ne da ya ƙwanƙwasa sau biyu bai ji motsi ba, sai ya ja baya don kada ya zama mai naci.

Ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to a waya babu fuskar. Da a gabanki ya faɗi maganar nan, ko “to madalla” ɗin kika ce, zai ga murmushin da kike ɓoyewa ya san ta shiga. A rubuce kuwa kalmomin kaɗai yake gani. Duk tsawon lokacin da kika ɗauka kina kallon hotonsa bai isa gare shi ba. Abin da ya isa shi ne kalma biyu da ɗan yatsa, irin wanda ake tura wa kowa a zauren 'yan aji. Don haka aikin amsarki na farko shi ne ta nuna masa cewa kin duba da gaske, kin saurara da gaske. Hanyar yin haka kuwa ita ce ki ɗauko abu ɗaya takamaimai daga cikin abin da ya turo, abin da ba zai yiwu a faɗa wa wani ba sai shi.

Mu ɗauki saƙon muryar. Ki sake sauraronsa, wannan karon kina neman abin kamawa. Akwai hanya da gajiyarta, akwai shigowa gari ba tare da sanarwa ba, akwai kuma kushen masa. Ga irin abin da zan so ki rubuta:

“Sannu da hanya. Muryar nan dai da jin ta an ƙoshi, duk da ana ta kushe. Amma tsaya, ka shigo garinmu ka fita ko sallama babu? Shi ya sa masar ta ƙi ka. Wanda bai gai da masu gari ba ai ta bakin tasha ake ba shi. Faɗa mini inda ka saya tukuna kafin in yanke maka hukunci.”

Ki lura da yadda aka jera shi. An fara da sannu da kuma maganar muryarsa, wato kin gaya masa kin ji shi, har kin lura da yanayin da yake ciki, ba tare da kin ce “muryarka na da daɗi” ba, wadda a wannan matakin ta yi nauyi a bakin mace. Daga nan zolayar ta shigo, kuma zolaya ce da ke ɗauke da saƙo a cikinta. Idan kika tuhume shi da rashin sallama, a zahiri faɗa kike yi, amma abin da zai ji shi ne da kin so ya sanar da ke. Wannan ita ce fa'idar tsokana ga mai kunya: tana ba ki damar faɗin abin da ke ranki a sigar da za ki iya cewa wasa kike yi idan abin bai karɓu ba. Sannan aka rufe da tambaya mai sauƙin amsawa. Ba ki ce ya zo ba, ba ki ce za ki kai shi ko'ina ba. Amma idan yana da wayo ko rabin yadda nake zato, zai ce “to ke ki nuna mini inda ake samun ta gaske.” Shi zai nemi zuwan da bakinsa, ajinki na nan inda kika ajiye shi.

Idan ya dawo da wata tsokanar, kina da makami a ajiye. Sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire jihar Gombe daga cikin tsohuwar jihar Bauchi, don haka kina iya ce masa, “Ku da jiya-jiya aka yaye ku daga wajenmu, yaushe har kuka iya masa?” Wannan wasa ne da ba ya ciwo, domin garinsa ya taɓa, ba shi kansa ba, kuma yana da abin ramawa da yawa. Zai ce miki ƙane ya fi wa, zai kawo miki maganar titunan Gombe, ke kuma ki ce ya kawo miki Yankari ɗinsu ki gani. Amma ki ajiye wannan sai zagaye na gaba. Kada ki zuba duka a saƙo ɗaya. Zolaya kamar yaji take a gefen masa, ɗan kaɗan ake dangwala, idan aka juye duka ba a ƙara jin masar.

Yanzu shawarar ƙawarki. Ta yi gaskiya da ta ce akwai sanyi, amma maganin da ta kawo ya fi ciwon haɗari. Ba ki san motar nan ta wa ce ba. Idan tasa ce, kin nuna masa ba ki ɗauke shi wanda zai iya mallakarta ba. Idan ta aro ce, ko ta wani ce kawai ya jingina da ita a ƙofar masallaci, kin kama shi a inda ba shi da amsa sai jin kunya. Ta kowane gefe kuma kin sanar da shi cewa a cikin hoton gaba ɗaya mota idonki ya fara gani, alhali saurayi a wannan zamanin ba abin da yake tsoro kamar a auna shi da aljihunsa. Zai yi dariya, zai turo miki fuskar nan mai hawayen dariya, amma maganar za ta zauna masa.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne wannan: ki tsokani abin da mutum ya zaɓa da kansa kuma yake alfahari da shi, ki bar abin da aka ɗora masa. Karin hula zaɓinsa ne. Tsayuwar da ya yi a hoto zaɓinsa ce. Kushen masa shi ya jawo, tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka. Amma tsawonsa, launin fatarsa, sanƙo, ƙiba ko rama, aikinsa, abin hannunsa, gidansu, waɗannan ba wurin wasa ba ne tsakanin mutanen da ba su gama sanin juna ba. Haka ma harshensa, kuma wannan ya fi shafar saƙon murya. A Gombe akwai Fulani, akwai Tera, Tangale, Waja, Bolawa da sauransu, kuma da yawa Hausa ba ita ce harshen cikin gidansu ba. Idan kika kwaikwayi yadda ya furta wata kalma, ko da cikin so kika yi, mai yiwuwa kin taɓa wurin da aka sha yi masa dariya tun yana makaranta. Abin da zai biyo baya shi ne ya daina turo murya ya koma rubutu, ke kuma ki rasa abin da kika fi so. Mu 'yan Bauchi ma ai Kanawa ba su bar Hausarmu ta huta ba, mun san yadda abin yake.

Za ki ce ai muna ganin taubasai suna faɗa wa juna abin da ya fi haka, ko Bafulatani da Babarbare su haɗu a kasuwa kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa ana dariya. Haka ne, amma su sun gaji izinin wannan wasan, kowa ya san ba a fushi a cikinsa tun kafin a buɗe baki. Ke da shi ba ku da wannan izinin tukuna, yanzu kuke gina shi, kuma da ƙananan wasanni ake farawa a ga yadda kowa ke ɗauka.

Da a ce yau ya turo hoton, ga abin da ya isa:

“Masha Allah, farin ya karɓe ka. Amma wannan karin hular, da shi aka je masallaci ko sai da aka zo ɗaukar hoto aka gyara? In ta ƙara karkata kaɗan sai an bi ta a ƙasa.”

“Masha Allah” ɗinki na nan, ba a cire shi ba, an dai ƙara masa abin da ya mai da shi nasa. Ki yabi kayan da yadda suka zauna masa, ba jikinsa ba. “Farin ya karɓe ka” magana ce da za ki iya faɗa a gaban kowa, amma wanda aka faɗa wa ya san an dube shi. Kuma kada ki tsallake yabon ki tafi kai tsaye ga hular. Mutumin da ya tura hotonsa ya ɗan tsaya ne a fili yana jiran hukunci, ko da namiji ne mai ji da kansa. Idan abin da ya fara karantawa zolaya ce, zai ɗauka hoton bai yi ba ne kike rufewa da wasa. Idan yabo ya riga, zolayar sai ta zama alamar sabo.

Sai batun ko da rubutu za ki amsa ko da murya. A al'ada wanda ya turo murya yana jin daɗin a mayar masa da murya, kuma zolaya ta fi sauƙi a baki, tunda dariyarki za ta fito ta nuna wasa ne. Amma ba dole ba ne, kuma ga wadda take jin nauyi irinki na fi son ki fara da rubutu. Rubutu yana ba ki damar karantawa ki goge. Ki sa fuskar dariya ɗaya a ƙarshen tsokanar don kada a karanta ta a matsayin faɗa, ɗaya ta isa. Jerin zukata da furanni ki bar su tukuna.

Ranar da kika ga za ki iya murya, ki danna alamar makirufo ki ja ta sama ta kulle, ki yi maganarki, ki tsayar, ki saurara kafin ki tura. WhatsApp yana ba da wannan damar, kuma idan bai yi miki ba sai ki jefa shi a kwandon shara ki sake. Kada ya fi nasa tsawo. Rabin minti ya wadatar. Ki yi magana da muryar da kike magana da ita kullum, ba tare da kashe ta ko shagwaɓa ba. Dalilina biyu ne. Na farko, muryar da aka ƙirƙira ba ta ɗorewa, ranar da kuka haɗu zai ji wata daban. Na biyu, saƙon murya abu ne da ake iya tura wa wani da danna ɗaya, ko a kunna shi a majalisa. Ban ce zai yi ba, ban san shi ba, ke ma ba ki gama saninsa ba. Don haka kafin ki tura ki tambayi kanki: da yayana zai ji wannan, dariya zai yi mini ko kuwa ba zan iya haɗa ido da shi ba? Idan dariya ce, tura.

Wani abu kuma game da jan aji. Da zarar kin kunna saƙonsa, alamar makirufon da ke jikinsa takan canza launi a wayarsa, ya san an saurara. To idan kin saurara da azahar kika bari sai washegari don kada a ce kina ɗoki, shi ba aji zai gani ba, zai ga an ji an share. Idan kina cikin lacca ko aiki, ki bar saƙon ba ki buɗe ba sai kin sami sarari. Idan kin buɗe, ki amsa a cikin wannan yinin. Tsokana tana da zafinta, idan ta huce sai an yi mata bayani, wasan da aka yi wa bayani kuwa ya mutu. Sai dai ki kiyaye tsakar dare. Hirar ƙarfe ɗaya na dare takan ja mutane inda ba za su je da rana ba.

Kuma don ya turo hoto ba ki ci bashin hoto ba. Idan ya ce “saura naki”, kina iya zillewa da wasan ma: “Ai ka gan ni a biki, ko idon yana kan shinkafa ne?” Idan kina son tura wani abu, ki tura masa hoton farantin masa da miya ki ce ga abin da ya rasa. Kada alamar nan ta `View once` ta ruɗe ki. Gaskiya ne hoton yana ɓacewa bayan an buɗe shi sau ɗaya, amma ba abin da zai hana a ɗauke shi da wata wayar. Mutumin kirki idan aka zille masa sau ɗaya zai yi dariya ya bar maganar. Wanda ya dawo da ita sau biyu, sau uku, ko ya fara tambayar irin hoton da yake so, ya gaya miki ko shi wane ne tun da wuri, kuma wannan ba wurin zolaya ba ne, wurin amsa ce a fili.

Ta yaya za ki gane ko wasan ya karɓu? Ba daga fuskar dariya ba, domin kowa na tura ta ko ransa ya ɓaci. Ki duba ko ya rama, ko ya ƙara wani abu nasa, ko ya yi miki tambaya. Idan ya ce “ai laifinki ne da ba ki gayyace ni ba”, ta shiga. Idan kuwa ya koma yi miki bayani da gaske, yana cewa aiki ne ya yi yawa, direba ne ya ƙi tsayawa, yana ba da haƙuri, to ya ɗauke ta da nauyi. Ba sai kin rubuta doguwar neman afuwa ba, hakan zai ƙara girmama abin. Layi ɗaya ya isa: “Wasa nake yi maka fa, na ji daɗin saƙon.” Daga nan ki sassauta, wasu mazan suna iya tsokana amma ba su saba a mayar musu ba, sai a hankali. Idan kuma amsarsa ta zama “hhh” kawai ko “ok”, kada ki bi shi da wata zolayar don ki farfaɗo da hirar. Ki bar shi ya kawo ta gaba.

Kwanaki sun riga sun wuce, na sani, amma saƙon muryar na nan a wayarki. Ki koma kansa, ki ja shi gefe yadda amsarki za ta fito a manne da shi, don ya san a kan me kike magana. Ki cire “sannu da hanya” tunda ya daɗe da isa, ki fara da cewa, “Na yi ta haƙuri da maganar nan tun ranar Litinin, amma abin ya ƙi wucewa.” Sai ki ɗora da tuhumar rashin sallama da tambayar inda ya sayi masar. Jinkirin ma sai ya zama cikin wasan, kamar kin zauna ne kina haɗa hujja.

Idan ya kai ga cewa zai dawo Bauchi a nuna masa ta gaske, ki ce masa a gida ake soya wadda ta fi kowacce, kuma ta ƙofar gida ake shigowa a ci. Ki sanar da Mama ko yayarki tun kafin ranar, kada su gan shi a zaure kwatsam.